Shekarar da Malam Ya Shiga Gaban Makaɗi

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, irin wanda tun kafin hantsi harshe yake mannewa da dasashi. 'Ya'yana sun ce in haƙura, wai na tsufa, a ciyar a madadina. Na ce musu wanda ya gaji ya ajiye nasa, ni a bar ni da nawa.

Shekaranjiya da la'asar ina kwance a zaure ina neman iska, ina kallon famfon tuƙa-tuƙa da ke ƙofar gidanmu. Yara sun jera jarkoki da bokitai har bakin kwata. Sai wata yarinya ta zo ta kutsa bokitinta a tsakiya. Kai, ka ce wuta aka cinna! Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce jikata Ummi, alhali ta riga ta cika randunanmu, hannu kawai ta koma wankewa.

Da ta shigo tana huci na ce, "Ke Ummi, me aka ci naki?"

Ta ce, "Kaka, ai ba daidai ba ne."

Na ce, "Na ji ba daidai ba ne. Me aka ci naki?"

Ta juya ta shige gida. Ni ma ban san amsar ba. Tambayar ma ba tawa ba ce, ta kakansu ce, kuma da ita ya koma ga Mahaliccinsa.

Wannan ne karo na uku da azumi ya zagayo mini cikin bazara da wayona. Na farkon, Turawa ba su tafi ba tukuna. Muna zaune a wani ɗan ƙauye gefen Toranke, ni da maigidana da mahaifiyarsa Iya, ga goyon fari a bayana. Shi maigidan ban taɓa kiran sunansa ba, Malam nake cewa. In kun ji Ɗanlami a labarin nan, a bakin wasu ne.

Damunar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, abin da muka girbe bai kai wuyan rumbu ba. Kafin azumi ya kama, in Malam ya shiga ɗebo dami sai mu daina ganin ko hularsa. Iya ta koma auna hatsi da ƙaramar ƙwarya, ta ɓoye babbar don kada ido ya tuna. Sahur kunun tsamiya ne tsararo, buɗe baki kunun kanwa, sai tuwon dawa da miyar kuka in an yi isha'i. Rijiya ta ja baya, sai an ƙara igiya kan igiya, gugan ya fito da rabin ruwa rabin laka. Mukan zuba a randa mu jefa ɗan toka ya kwanta. Da rana ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki a gindin rumbu, ko kuka ba sa iyawa. Maza kuwa tun asuba suna gona suna sassabe da ƙone-ƙone, don in ruwa ya sauka ba ya jiran kowa.

Ana cikin haka labarin agana ya iso. An ce ta shiga wasu ƙauyuka wajen Gafasa, ta kwashe yara, waɗanda suka tashi kuma fuska duk zanzana. Ba a jima ba mai shela ya zaga, ya ce gobe masu lamba, wato masu tsagar rigakafin agana, za su zo daga Gaya, kowa ya fito kasuwa, babba da yaro, mace da namiji, wanda ya ɓuya dagaci ya san gidan ubansa.

Ku yaran yanzu da kuke kai 'ya'yanku rigakafi da ƙafarku ba za ku gane tsoron da muka ji ba. Wasu suka ce lambar ce ke kawo cutar. Wasu suka ce alama ce Bature yake sa wa mutane kamar yadda ake yi wa shanu. Wasu suka ce tana karya azumi, sai da liman ya ce abin da bai shiga ciki ba bai karya komai. Iya dai ta jiƙa tsamiya da toka ta ƙulle a bakin zane, ta ce da zarar an yi mana mu goge kafin ta kama.

Ashe sun san wannan dabarar. Da muka isa, malamin lamba ya kafa teburinsa a gindin tsamiyar kasuwa, ga 'yar fitilarsa da yake ƙona bakin ƙarfen tsagar a kai, ga maganin a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma don zafi yana kashe shi. Dogari ya yi shela da ƙarfi: duk wanda aka yi wa zai zauna nan hannu a buɗe har maganin ya bushe, kuma ba wanda zai bar kasuwar nan sai an yi wa mutum na ƙarshe, dagaci ya sallami kowa gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, don a nan kaina ya ɗaure. Na farko da na ƙarshe, tare za su tafi gida.

Sai dogarin ya ce mu yi layi. Mu a lokacin ba mu saba da wannan abu ba. Sahu mun sani, a masallaci, kafaɗa da kafaɗa. Amma a ce wannan a bayan wannan kamar tururuwa, sabo ne. A wurinmu in ana rabon abu, da girma ake bi: dattijo kafin yaro, mai sarauta kafin talaka, baƙo kafin ɗan gida. Dogari ya ce shi bai san wannan ba, wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Ya jera maza ta gefen rumfunan mahauta, mu mata ta gefen masu daddawa, muna kallon juna.

Da safen nan ba mai son gaba. Wallahi turereniya aka yi ta komawa baya. "Kai ka fara." "A'a, ai kai ne babba." Mutanen da ko a makabarta sai sun yi rigimar girma, ran nan kowa ya zama ƙanen kowa. Akwai Baba Tanko makaɗi, wanda ke yi mana gangar noma in an yi gayya, shi ya yi kiɗan bikina ma. Sammako ya yi don ya leƙa ya gudu, dogari ya cafke shi ya dasa shi cikin layi. Da idona na ga dattijon nan yana share hawaye da hannun riga.

Aka fara. Abin ba wani abu ba ne: a kama damtsen hagu, a goge, a ɗiga magani, a yi 'yar tsaga sama-sama ko jini ba ya zuba sosai, shi ke nan. Bai fi ka sha ruwa ludayi guda ba. Amma malamin ba ya sauri, sai ya ƙona ƙarfe ya jira ya huce, ga yara suna zillewa, ga shi yana yi wa mata kaɗan ya koma maza kaɗan. Rana ta ɗaga. Inuwar rumfuna ta tsuke. Masu layi suka tsuguna a wurarensu, waɗanda aka gama da su suna tsugune can gefe, zafin dai ɗaya, ƙishirwar ɗaya. A hankali na lura an daina turereniyar baya. In mutum zai zaga bayan gari sai ya ajiye takalminsa ko hularsa, ya ce wa na bayansa, "Ga wurina nan." Wurin da ɗazu yake roƙon a karɓa.

Malam bai zo da wuri ba. Gonarmu tana da nisa, ya ce bari ya ƙarasa ƙona kararen da ya tara kada iska ta watsa. Sai wajen azahar ya iso, jiki duk toka. Ya tambayi wani yaro yadda ake yi, yaron ya ce ai ba mai tafiya sai an gama da kowa. Ya duba wutsiyar layi, ya duba gaba, sai ya hango amininsa Ilu saura kaɗan a kai gare shi. Ilu ya yafuto shi. Malam ya taho abinsa, yana gaisawa da mutane ma, ya zo ya tsaya a bayan Ilu. Wanda ke bayan Ilu kuwa Baba Tanko ne.

Ban taɓa jin muryar mutum ta fashe haka ba.

"Kai Ɗanlami! Ni turmi ne? Ni kututture ne da za ka ratsa ka wuce?"

Malam ya juyo yana murmushi, ya zaci wasa ne. Ya ce, "Haba Baba, ai taimakonka na yi. Na ji an ce tun safe kuka kake."

"Kukana ne! Da idonka na yi? Tun rana ba ta fito ba nake nan da bakin azumi!"

"To ai ni ma sai an sallame ka za a sallame ni. Me na rage ka da shi?"

Nan fa wuri ya kaure. Abin da na lura, kuma har yau ina juya shi, waɗanda ke gaban Ilu ko waiwaye ba su cika yi ba, wani ma dariya yake. Masu kumfar baki su ne na bayan Malam, Baba Tanko da mutum biyu uku da ke binsa. Daga nan hayaniyar tana raguwa, ta koma gunaguni, har can wutsiya inda ba su ma ga abin da ya faru ba, amma da labari ya kai musu sai suka miƙe tsaye. Wasu samari suka ce to in haka ne kowa ya shiga inda ya ga dama, suka fito daga wurarensu. Dogari ya daka musu tsawa ya ɗaga bulala, suka koma. Kafin ya juyo kan Malam, malamin lamba, wanda shi hannu kawai yake gani, ya riga ya kama damtsensa ya tsaga. Aikin gama ya gama.

Ko hucewa ba a yi ba sai ga wani tsoho daga wata ruga, tari ya ci ƙarfinsa, yana dogara sanda. Ya tsaya gefe ya ce, "Jama'a, ku yi mini afuwa don Allah, ƙafata ba za ta kai ba." Wa ya kamo hannunsa? Baba Tanko. Shi ya jawo shi ya sa a gabansa, yana cewa, "Shigo, shigo, ai dole." Duk layin ana ta yi masa sannu. Na dubi Malam inda yake tsugune, na ga ya saki baki.

Aka sallame mu gaba ɗaya gab da magariba, kamar yadda aka faɗa. Ba wanda ya rasa lamba, ba wanda ya riga wani shan ruwa.

A gida Malam ya ce, "Iya, tsohon nan fa shi ma shiga ya yi."

Iya ta ce, "Shi ya tambaya."

"Da na tambaya za su ba ni?"

"Da gudu ma."

"To in dai za su ba ni, me ya ɓace?"

Iya ta ce ita dai ya miƙo hannu. Tsamiyarta ta riga ta bushe a bakin zane, amma ta kwaɓa toka da wani ganye ta danna masa a kan tsagar, wai ko yanzu a kashe ta. Ni na ce na goge tawa da ta goyona, alhali ban taɓa ba, tsoron dogari ya hana ni. Tamu ta yi ƙurji, ta yi ruwa, muka yi zazzaɓi kaɗan, ta bushe ta bar tabo. Ta Malam kuwa ta rikiɗe ta zama gyambo. Hannu ya kumbura har gwiwa, ba ya iya ɗaga buta.

Na zaci kafin Sallah an manta da zancen. Ina! A rijiya mata sukan yi shiru in na iso. Yara suka sa masa suna Tsallake. Ranar idi an gaisa da shi, amma irin gaisuwar da ake yi da yatsu. Har aka fara cewa ciwon hannun alhakin mutane ne.

Ruwan farko ya sauka bayan Sallah, da iska da ƙamshin ƙasa, muka fito tsakar gida muka tara kwanoni. Shuka ba ta gagare mu ba. Ilu ya sare mana rami da sungumi, ni da Iya muna bi muna zuba iri muna takewa. Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Amma ciyawa ma ta tsiro, kuma ita ba ta san ciwon hannu ba. Noman farko sai fartanya, fartanya kuwa sai hannu biyu. Na gwada da goyo a baya, Iya ta gwada da ƙugunta, abin da muka nome a yini ko inuwar bishiya bai kai ba. Harƙiya ta fara haɗiye geron, ganyensa ya soma ja. In aka ƙara 'yan kwanaki haka, ba mu da abincin baɗi. Rumbu kuma saura dami ɗaya a ƙasa.

Ba mafita sai gayya. Gayya kuwa a ƙauyenmu ba ta taruwa sai gangar Baba Tanko ta kira.

Iya ta ce wa Malam ya je ya ba shi haƙuri, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Malam mutum ne mai sanyi, amma in ya kafe ko jaki albarka. Ya ce, "In na ci kuɗin mutum in biya. In na taka masa shuka in ba shi haƙuri. Wannan in je in ce a yafe mini me? A faɗa mini sunan abin, yanzu in tafi." Ya dai ba Ilu goro ya kai na gayya. Ilu ya dawo ya ce an karɓa, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba.

Sai na shiga neman sunan abin da kaina, don ni ma in gaskiya za a bi, ban ga abin da aka ci ba.

Na fara da Ilu. Ya ce shi ma bai tsira ba, an tare shi an ce, "Da za ka yi kyauta, me ya hana ka sa shi a gabanka, ko ka ba shi wurinka ka koma wutsiya? Ka sa shi a bayanka, ka yi alheri da tsayuwar wasu." Na ce to ko a gabansa ya sa shi, ai duk gaban Baba Tanko ne. Ya sosa ƙeya ya ce haka ne fa, amma wai da ya fi sauƙi.

A rijiya na tari matar maƙwabcinmu, wadda mijinta yana can wutsiya ran nan. Ta ce, "In kowa ya yi yadda mijinki ya yi fa?" Na ce ai ba kowa ya yi ba. Ta ce, "To shi wane ne? Sauran da suka tsaya wawaye ne?" Na ce ba wanda ya ce musu wawaye. Ta ce, "Ba sai an faɗa da baki ba." Ta ɗauki tulunta.

Daga ƙarshe na ɗaure fuska na je gidan Baba Tanko, na same shi yana ɗaure fatar ganga. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni 'yarka ce, kai ka yi kiɗan kai ni ɗaki. Don Allah me Malam ya ɗauka naka? In abin mayarwa ne a mayar."

Yana jan tsirkiya ya ce, "'Yata, ni makaɗi ne. A biki sai kowa ya ci a miƙo mini. A zaure wurina bakin ƙofa, wajen takalma. Ban taɓa ƙorafi ba, haka na tarar. Amma ran nan kin san wa ke bayana? Ƙanen dagaci. Da babbar rigarsa, a bayana, don na riga shi zuwa. Ya tsaya, bai ce uffan ba. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa riƙe wuri irin wannan ba, kuma ba roƙa na yi ba, da ƙafata na saya. Sai mijinki ya zo yana murmushi."

Na ce, "Amma Baba, kai fa ba ka son lambar."

"Ban so ba. Har gobe ban so."

"Kuma tare aka sallame ku."

"Tare."

"Kuma ka ba tsohon ruga."

"Na ba shi. Nawa ne, na bayar. Kin taɓa ganin an yi kyauta da abin da aka riga aka fizge?"

Na ce to su na wutsiya fa, su ba makaɗa ba ne, ba kuma a gabansu aka shiga ba, me ya tashe su? Ya ɗaga kafaɗa ya ce in je in tambaye su. Na ce gayyar fa? Ya ce, "Ku dama fura."

Na dawo gida kaina ya fi ɗaurewa. Kowa na tambaya sai ya ba ni amsa daban, kuma kowacce in na riƙe ta sai ta zame kamar kuɓewa. Na dai gane ba lokaci suke kuka ba, ba inuwa ba, ba magani ba. Amma abin da ba ya aunuwa a ƙwarya, yaya ake mayar da shi?

Muka sauke damin ƙarshe. Ni da Iya muka sussuka, muka surfa, muka daka. Iya ta karɓo nono wajen Fulani da 'yar kazarta. Na share ƙasan rumbu da tafin hannu, na haɗa har tsakuwa. In suka zo, mun sayi shekara. In ba su zo ba, mun cinye ƙarshen abincinmu a yini ɗaya, mu uku.

Ranar gayya an kwana ana yayyafi, gari ya waye da sanyi, ƙasa ta yi laushi, irin safiyar da manomi ke roƙo. Muka isa gona da ƙwaryar fura. Malam ya tsaya a bakin kunya, hannu rataye a tsumma. Ba kowa. Rana ta fito, ba kowa. Iya ta fara salati a hankali.

Can sai muka hango su tafe ta hanyar gari, fartanyu a kafaɗa. Na ce alhamdu lillahi. Amma ba kiɗa. Gayya kuwa tun daga gari ake jin ta. Suka iso bakin gona, ba wanda ya yi sallama, sai na ga suna jeruwa a kan iyaka, wannan a bayan wannan. Wani ya ce, "A'a, kai ba nan kake ba, bayan wane kake." Aka gyara. Sai da na ga Ilu a gaba-gaba, Baba Tanko a bayansa da ganga a rataye, ya matse shi har ƙirjinsa na taɓa bayan Ilu, ƙanen dagaci yana biye, sannan na gane. Layin ranar lamba ne suka tayar. Wata da watanni, kowa yana riƙe da wanda ke gabansa da wanda ke bayansa.

Suka tsaya. Ba wanda ya dubi Malam, ba wanda ya ce masa komai.

Malam ya ce, "Jama'a, sannunku da zuwa. Ga gona." Ba wanda ya motsa. Ya ce, "Ilu, mene ne haka?" Ilu ya sunkuyar da kai.

Rana ta yi ta hawa. Sanyin safiyar da ake noma da shi ya tafi a banza, ƙasa ta fara bushewa, gumi yana bin wuyan mutane. Kowannensu yana da tasa gonar da ciyawa ke ci. Sun bar ta, sun zo sun tsaya a rana suna asarar abin da ake gani, don a biya su abin da ba a gani. Ni dai na rasa wa zan ji wa haushi. Fura ta fara tsami, ƙudaje sun taru a kan faifai, goyona yana ta kuka.

Ban saba yi masa magana a gaban mutane ba, amma na matsa kusa na ce a hankali, "Malam, furar nan ita ce ƙarshen rumbu."

Ya ce, bai ko dube ni ba, "Me na ci nasu?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba. Na tambaya har na gaji. Amma ga wutsiyar can."

Ya dubi wutsiyar layin. Sannan ya taka. Ya bi gefen layin, ya wuce Ilu, ya wuce Baba Tanko, ya wuce ƙanen dagaci, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, mai gona a gonarsa, har ya kai ƙarshe ya tsaya a bayan wani ɗan saurayi da ko gemu bai fara ba. Saurayin ya waiwayo ya ce, "Sannu da zuwa, Baba Ɗanlami."

Ko a nan ba su yi sauri ba. Na gaba ya shiga ya kama kunya, na biye ya matsa, haka, haka, Malam yana matsowa taki ɗaya-ɗaya kamar kowa. Da ya iso bakin gonar ba sauran kunya, dama kuma ba hannun riƙe fartanya. Sai a lokacin Baba Tanko ya juyo da ganga ya saka mata makaɗi. Kuma kirarin wa ya fara? Na Malam. Ya kira ubansa, ya kira kakansa, yana kiɗa hawaye na zuba, kamar ba shi ba. Fartanyu suka sauka tare. A cikin zafin da ya fi kowane zafi suka nome gonar nan tas kafin la'asar, suka shanye furar mai tsami suna santi, wani har yana duba masa hannu yana faɗin maganin da za a sa.

Geron ya tashi. Mun ci rama da tafasa har sabon hatsi ya nuna, amma mun kai. Agana ba ta shigo ƙauyenmu ba. Sunan Tsallake ya mutu a ranar, ban ƙara jin sa a bakin ko yaro ba.

Malam ya rayu ya ga jikoki. Bai ƙara shiga gaban kowa ba, ko a wajen alwala sai ya ce, "Akwai mai jira?" Amma bai taɓa yarda ya yi laifi ba. Duk shekara in an ɗaure gero sai ya dubi rumbu ya ce mini, "Na biya dai. Har yau ba a faɗa mini abin da na saya ba."

Jiya da la'asar ina nan kwance a zaure, sai ga yarinyar nan ta shekaranjiya ta dawo da bokitinta. Ta duba hagu ta duba dama, ta tura shi tsakanin jarkoki. Ni da rabona da ɗaukar bokiti tun kafin a haifi uwarta, ni da ake ɗaga ni in zan zauna, ban san lokacin da na miƙe a kan gwiwa ba. Na ji muryata tana cewa, "Ke! Ke mai jan kallabi! Koma baya, don ubanki!" Da bakin azumi.

Ummi ta leƙo daga tsakar gida da muciya a hannu. Ta dube ni, ta dubi famfo, ta ce, "Kaka, me aka ci naki?"

Na ce ta wuce ta duba kununta kada ya kama. Ban koma na kwanta ba sai da na ga bokitin ya koma wutsiya.